Ra'ayinmu: Kuɗin wa ya kamata a fara sana'a da su?

Duk wanda ya ƙudurta kafa sana'a a ƙasar nan, ƙofofi huɗu ne yake iya ƙwanƙwasawa neman jari: banki, ƙungiyar gama-kai, 'yan uwa, ko wani mai kuɗi da za su haɗa hannu. Yawancin muhawarar da ake yi kan waɗannan ƙofofi tana tsayawa ne a kan wanne ya fi araha. Mu a ganinmu akwai tambayoyi biyu da suka fi wannan nauyi ga sabuwar sana'a. Ta farko, yaushe za a fara biya? Ta biyu, in abin ya faɗi, a wuyan wa asarar za ta rataya? Domin kada maganar ta zama ta iska, za mu auna su a kan sana'a guda da lissafinta.

A ɗauka wani matashi ne a Kano yake son kafa ƙaramin injin matsar man gyaɗa. Alƙaluman da za mu yi aiki da su misali ne, kowa ya sa na kasuwarsa. Yana buƙatar naira miliyan 5. Miliyan 3 za su tafi kan inji, mota mai juya shi, jan wuta, tukunyar suya, matata da hayar wuri na shekara. Miliyan 2 kuwa na sayen gyaɗa ne a Dawanau, da jarkoki, da ladan yara biyu, da man janareta ranar da babu wuta. Buhun ɓararriyar gyaɗa mai kilo 100 yakan ba ƙaramin inji kilo 35 zuwa 40 na mai, sauran ya fito tunkuza, wadda masu ƙuli-ƙuli da masu haɗa abincin kaji suke saya, kuma sau da yawa a cikinta ribar take. A ce in aiki ya kankama zai riƙa tsira da naira 250,000 a wata bayan an cire komai. Sai dai aiki ba ya kankama ranar farko. Wata uku na farko na haɗa inji ne, da gyara saiti, da neman dillalan da za su yarda su ɗauki man sabon hannu, kuma in ya so sa wa man suna a kwalba sai ya bi layin rajistar NAFDAC.

A lura tun nan cewa miliyan 5 ɗin nan ba iri ɗaya ba ne. Miliyan 3 na inji kuɗi ne da suka kwanta, ba za su dawo ba sai a hankali cikin shekaru. Miliyan 2 na gyaɗa kuɗi ne masu juyawa, suna fita su dawo cikin makonni. Wanda ya nemo su duka daga wuri ɗaya da sharaɗi ɗaya, to lalle ɗaya daga cikin ɓangarorin bai dace da sharaɗin ba.

Mu fara da banki, tunda shi ne kowa yake zagi kuma kowa yake hange. A ƙarshen 2024 Babban Bankin Nijeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari, kuma bankunan kasuwanci a kan wannan suke ɗora nasu, don haka ƙaramin ɗan kasuwa ya ji an ce masa kashi 30 a shekara ba abin mamaki ba ne. Miliyan 5 a kan kashi 30, a biya cikin wata 24, ya kama kusan naira 280,000 duk wata, jimilla kimanin miliyan 6.7. Tun kafin a je ko'ina, biyan wata ya ɗara ribar wata da naira 30,000. Abin da ya fi wannan muni shi ne watanni ukun farko. Banki ba ya jiran inji ya fara juyawa sai in an rubuta lokacin sassauci a yarjejeniya, saboda haka naira 840,000 za su fita daga kuɗin gyaɗa kafin a sayar da jarka ɗaya da riba. Kusan rabin jarin juyawa ke nan. Injin da aka yi lissafin zai yi aiki kwana shida a mako sai ya koma kwana uku don babu gyaɗar da za a zuba masa, ribar 250,000 ɗin ma ta gagara.

Wannan duk in an ba shi ne. Banki yana son ganin shige da ficen kuɗi a asusu na watanni shida ko shekara, abin da sabuwar sana'a ba ta da shi. Yana son jingina, kuma jinginar da ya fi so ita ce fili ko gida mai takardar shaidar mallaka, wanda a ƙarƙashin dokar amfani da ƙasa ta 1978 jinginar da shi sai da amincewar gwamna. Gidajen gado na cikin birni kaɗan ne suke da irin wannan takarda, kuma mai takardar ma ba na mutum ɗaya ba ne. Gaskiya ne tun 2017 akwai dokar da ta ba da dama a jinginar da kadara mai motsi, kamar inji ko kaya, a rubuta ta a rajistar jingina ta ƙasa, kuma ya kamata matasa su san da ita su tambaya. Amma doka ta halatta wa banki karɓa ne, ba ta tilasta masa ba.

Saboda haka da yawa sukan gangara ƙananan bankuna, inda ba a cika neman takardar fili ba sai masu tsayawa mutum biyu. A nan akwai lissafin da ya kamata kowa ya iya. In aka ce maka kashi 4 a wata kan miliyan 2 na shekara guda, ka tambaya: a kan abin da ya rage ake lissafawa, ko a kan uwar kuɗin gaba ɗaya? In a kan uwar kuɗin ne, za ka biya naira 80,000 na ruwa duk wata har ƙarshe, ko a watan 12 da abin da ake binka bai kai 170,000 ba. Da baki kashi 48 ne a shekara, amma in aka auna da kuɗin da suke hannunka a zahiri, ya kusa kashi 80. Babu man gyaɗar da ke da wannan riba.

Bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJ da ya biyo baya a 2019, sun warware wa mutane da yawa matsalar addini, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ba zai iya barci da riba a wuyansa ba. A tsarin murabaha bankin ne zai sayi injin ya sayar maka da ƙarin da aka sani, a ce na miliyan 3 a miliyan 3.9, ka biya 162,500 duk wata na shekara biyu. Farashin ya tsaya, ba ya hauhawa in Babban Banki ya ƙara ma'auninsa. Sai dai kada a ruɗe, bashi ne. Ko inji ya yi aiki ko bai yi ba, ranar biya tana nan, kuma su ma suna neman jingina ko mai tsayawa.

Mu ga ranar baƙin ciki. A ce a wata na takwas mota ta ƙone, farashin mai ya faɗi, matashin ya rufe. Wanda ya ci miliyan 5 a kan kashi 30 ya riga ya biya sama da miliyan 2.2, amma har yanzu ana bin sa kimanin miliyan 3.65. In ya yi sa'a ya sayar da injin miliyan 1.8, saura kusan miliyan 1.85 a kansa ba tare da sana'a ba. Tun 2020 kuma akwai tsarin GSI, wanda ya ba banki damar bin lambar BVN ya kwashi abin da ya samu a asusun mutum na wasu bankunan. Sunansa zai shiga kundin masu taurin bashi, masu tsaya masa kuma su fara amsa waya.

Akwai hujja guda mai ƙarfi da masu goyon bayan banki suke kawowa, kuma ba za mu yi kamar ba mu ji ta ba. A watan Disamba na 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8. A irin wannan yanayi, wanda ya ci bashi a kan kashi 30 ya sayi inji yau, da kuɗin da suka rage daraja zai biya, injin kuma gobe ya fi tsada. Haka ne. Amma wannan ribar ta wanda ya kai ƙarshen shekara biyun ne da ransa. Ba ta biyan kuɗin watan biyu. Sannan banki yana da wata fa'ida da sauran ukun ba su da ita: in ka gama biya kun rabu, ba ya cin ribarka ta gaba, ba ya zuwa ɗaurin aurenka ya yi maka gori. Inda aka dace da rancen Bankin Masana'antu, wanda ruwansa bai kai rabin na bankunan kasuwanci ba kuma yakan ba da lokacin sassauci kan injuna, lissafin ya canza sosai. Matsalarsa jira da tarin takardu, kuma kakar gyaɗa ba ta jiran fayil.

Ƙungiyar gama-kai ta fi kusa da abin da mutanenmu suka saba, domin adashi ne aka yi wa rajista da littafi. A adashi na mutum goma masu zubin 100,000, wanda ya yi kwasar farko ya samu rancen 900,000 ba ko kwabo a kai, wanda ya yi ta ƙarshe kuwa shi ya ranta wa kowa kyauta. Ƙungiya mai rajista ta ɗara wannan da tsari: mutum goma sun isa su kafa ta, ana yi mata rajista a ofishin daraktan ƙungiyoyin gama-kai na jiha, tana da dokokinta a rubuce da taron shekara da ake karanta lissafi. Al'adar da ta fi yawa ita ce sai ka yi wata shida kana zubi kafin ka nemi rance, kuma a ba ka ninki biyu na abin da ka tara, wasu mambobi biyu su tsaya maka.

In matashinmu ya yi shekara yana zuba 50,000, ya tara 600,000, zai iya ɗaukar miliyan 1.2. A ce ƙungiyar tana ɗora kashi 10 sau ɗaya, biyan wata ya zama 110,000 na shekara guda. Wannan ribar injin za ta iya ɗauka ba tare da ta durƙusa ba, kuma abin da aka ɗora ɗin wani ɓangarensa yana dawowa gare shi a rabon ƙarshen shekara. Ƙungiyoyi da dama a Arewa ma sun bar ɗora kashi, suna sayo wa mamba kayan su sayar masa da riba, don kauce wa shubuha. In wata ya zo da matsala, shugabannin da suka san shi suka san shagonsa sukan ɗaga masa ƙafa, abin da na'urar banki ba ta sani ba.

Amma a duba iyakarta. Miliyan 1.2 ba miliyan 5 ba ne, kuma rabinsu daidai yake da kuɗinsa da ke kulle a wurinsu. Wa'adin gajere ne, shekara ɗaya galibi, don haka bai dace da inji ba, ya dace da gyaɗa. Sannan a lokacin kaka, lokacin da gyaɗa take araha kuma kowa yake son saye ya ajiye, a lokacin ne duk mambobi suke neman rance tare, asusun ya ƙafe, a ce a bi layi. Wanda yake son kuɗi a Nuwamba ya shigar da takarda tun Agusta. Babban haɗarin kuwa na amana ne. Hukumar NDIC tana ba ajiyar banki inshora, tun 2024 har naira miliyan 5 a bankin kasuwanci da miliyan 2 a ƙaramin banki, amma ba ta rufe ajiyar ƙungiyar gama-kai. In ma'aji ya yi sama da faɗi, sai dai kotu da haƙuri. Alamomin ƙungiyar da ke ruɓewa ba su da wuyar ganewa: shekara ta wuce ba a yi babban taro ba, mutum ɗaya ne ke sa hannu a asusu, shugabanni su ne manyan masu bashi, ana karɓar zubi a asusun wani mutum maimakon na ƙungiya. Wadda kuma take alƙawarin ba ka riba tsayayya mai tsoka duk wata don kawai ka ajiye kuɗi, wannan ba gama-kai ba ce, ko da ta rataya sunan.

Kuɗin 'yan uwa su ne suka kafa mafi yawan shagunan da muke gani, ko ba a rubuta ba. Uwa ta sayar da saniyarta, yaya ta cire sarƙar zinarenta, kawu ya ce je ka gwada. Babu ruwa, babu jingina, babu ranar biya, kuma in abin ya faɗi ba wanda zai kai ɗansa kotu. Ga sabuwar sana'a da take buƙatar wata uku na numfashi, babu kuɗin da suka fi waɗannan sauƙi. Duk da haka mu ba mu sa su a gaba ba, kuma ga dalilanmu.

Na farko, kuɗin da ake cewa ba su da tsada, wani ne yake biyan tsadar. In yaya ta ba da rancen miliyan 2 aka mayar mata da miliyan 2 bayan shekara biyu, a lokacin da kaya ke tashi da kashi 30 a shekara, abin da aka mayar mata ba zai sayi abin da miliyan 1.2 suke saya ranar da ta bayar ba. Sarƙar da ta sayar ba za ta sake sayuwa da su ba. Ta yi asarar kusan 800,000 a ɓoye, kuma kunya ba za ta bar ta ta faɗa ba. Addini ya hana a sharɗanta ƙari a kan rance, amma bai hana a mai da ita mai hannun jari ta ci riba ba, kuma wannan ya fi adalci nesa ba kusa ba.

Na biyu, rashin ranar biya yana nufin kowace rana ranar biya ce. Kawu bai sa wa'adi ba, amma ranar da aka sa bikin 'yarsa ko aka kwantar da matarsa a asibiti zai aiko, kuma ba a ce wa kawu ya jira a sayar da tunkuza. Kuɗin da aka binne a inji ba sa tonuwa cikin mako ɗaya, sai a kwashi na gyaɗa a ba shi.

Na uku shi ne wanda ya fi raba zumunci. Mai bayarwa da mai karɓa sau da yawa ba su fahimci abu ɗaya ba. Ɗan yana ganin kyauta ce mahaifinsa ya yi masa, mahaifin a ransa rance ne, 'yan uba kuma suna ganin injin na gida ne. Muddin mahaifin yana raye ba wanda zai tayar da maganar. Ranar da ya rasu, magada za su zauna, kuma abin da ba a tabbatar kyauta ce da shaidu ba zai iya komawa cikin dukiyar da za a raba, har a kai ga cewa a sayar da injin. Kotunan shari'a sun saba da irin wannan ƙara. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi da kafa shaidu take magana, amma a tsakanin 'yan uwa ne aka fi ganin neman takarda a matsayin rashin kunya. Sai a ƙara da abin da kowane mai shago ya sani: wanda ya sa kuɗi a gidan yakan ga yana da ikon aiko yaro a ɗebo galan ɗaya na mai "a rubuta", ko ya turo ɗansa a ba shi aiki.

Saura abokin haɗin gwiwa, kuma a nan muka fi son mu daɗe, domin ita ce hanyar da kasuwancin Hausawa ya ginu a kai tun fataucin goro zuwa Gwanja. Attajirai irin su Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, da kuɗin da suke damƙa wa yaransu da wakilansu su shiga ƙauyuka sayen gyaɗa suka bunƙasa, kuma yaran da yawa daga nan suka tsaya da ƙafafunsu. Har yau a Kantin Kwari da Singa haka ubangida yake ɗaga yaronsa. Fiƙihun Malikiyya ya tsara wannan a babin ƙiradi: ɗaya ya kawo kuɗi, ɗaya ya kawo aiki, a raba riba bisa kason da aka yarda, rabi ko sulusi, ba adadi tsayayye ba. In an faɗi ba da sakaci ko ha'inci ba, mai kuɗi ya rasa kuɗinsa, mai aiki ya rasa wahalarsa.

A lissafinmu, in wani Alhaji ya zuba miliyan 5 a kan rabi da rabi, wata ukun farko ba a bin matashin ko sisi. Daga nan kowa ya ɗauki 125,000 a wata. A shekara Alhaji ya samu miliyan 1.5, wato kashi 30 na kuɗinsa, daidai da abin da banki ya nema. Bambancin yana gefe biyu. In mota ta ƙone a wata na takwas aka rufe, a sayar da abin da ya rage a ba Alhaji, matashin ya koma gida ba bashi. In kuma Allah ya buɗa riba ta ninka zuwa 500,000, Alhaji yana karɓar miliyan 3 a shekara, wannan shekara da ta gaba da ta bayanta, alhali da banki ne da tuni an sallame shi. Abokin haɗin gwiwa shi ne mafi sauƙi ranar faɗuwa kuma mafi tsada ranar nasara. Ga wanda bai taɓa juya inji ba, muna ganin wannan ciniki ne da ya dace a yi, da sharaɗin a rubuta ƙofar fita tun ranar shiga: bayan shekara biyu ko uku mai aiki yana da damar sayen kason mai kuɗi, a kan farashin da wasu mutum biyu masana injin za su ƙiyasta a lokacin.

Abin da ke lalata haɗin gwiwa a kasuwanninmu sananne ne. Akwai wanda zai ce maka mun haɗa jari, amma ka riƙa ba ni 150,000 duk wata, kuma uwar kuɗina tana nan ko me ya faru. Wannan rance ne mai ruwa da ya sa rawani, kuma ya haɗa sharrin banki da na abokin tarayya wuri ɗaya. Akwai kuma rigimar mene ne riba. Shin kafin a raba an cire kuɗin gyaran inji da abin da za a ajiye don sayen sabon ƙarfen matsa idan na yanzu ya cinye? Gyaɗar da aka saya a kaka ta tashi a bazara, ƙarin nan riba ce da za a raba, ko jari ne da dole a bar shi don a iya sake cika sito? Waɗanda suka raba wannan ƙari sukan wayi gari da kuɗi iri ɗaya amma buhuna sun ragu. Bashin da dillalai ba su biya ba fa, an ƙirga shi? Duk waɗannan a takarda ɗaya ake kashe su, tare da asusun banki na sana'ar ita kaɗai da littafin da mai kuɗi zai iya buɗewa duk ranar da ya so. Mai aiki da yake jin haushi in an nemi ganin littafi, ya riga ya ba da amsa.

Ta fuskar dokar ƙasa ma akwai abin lura. Mutum biyu da suka yi rajistar sunan kasuwanci kawai a CAC, tarayya ce ta gama-gari, kuma bashin da ɗaya ya ci da sunan sana'ar ana iya bin ɗayan har gidansa. Kamfani mai iyakantaccen alhaki ya raba dukiyar mutum da ta sana'a, kuma ya mai da kason kowa hannun jari da ake iya sayarwa ko a gada ba tare da an kwance inji ba. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ƙara da wasu nau'o'in tarayya masu iyakance alhaki. Ga sana'ar da ke da inji na miliyoyi, kuɗin wannan rajista ba asara ba ne. Wanda kuma yake son tsarin ya dace da shari'a ya kai takardar wurin malamin da ya san babin ciniki kafin a sa hannu, domin hukuncin ƙiradi na saye da sayarwa da na tarayya a kan inji ba ɗaya ba ne ta kowace fuska.

Matsayinmu ke nan. Ga sana'ar da ba ta taɓa sayar da komai ba, kuɗin da za su kwanta a inji su fito daga wanda ya yarda ya ɗauki asara tare da kai, wato abokin haɗin gwiwa, kuma shi muka sa a gaba. Ɗan uwa yana iya zama wannan abokin, har ma mun fi son haka a kan rance, muddin an rubuta kasonsa da shaidu daga cikin waɗanda za su yi gado. Kuɗin gyaɗa su fito daga ƙungiyar gama-kai, domin wa'adinta da juyawar kayan sun yi daidai. Rancen 'yan uwa ya tsaya a abin da mai bayarwa zai iya rasawa ba tare da tukunyarsa ta sauka ba, kuma kada ya zama kuɗin marayu ko na fansho. Bankin kasuwanci shi ne na ƙarshe, ban da wanda ya samu rance mai rangwame da lokacin sassauci a rubuce.

A aikace, matashinmu zai nemi miliyan 3 na inji daga abokin tarayya, ko daga yayarsa da kawunsa a matsayin masu kaso, ya ɗauki miliyan 1.2 a ƙungiyarsa, ya fara da gyaɗar da ba ta kai yadda ya so ba. Giɓin 800,000 ba dole a ranto shi ba. Kwanakin da ba shi da gyaɗarsa sai ya matsa wa masu ƙuli-ƙuli tasu su biya ladan inji, kuma dillalin Dawanau da ya ga yana biya a kan lokaci zai fara ba shi buhuna zuwa mako biyu. Biyan 110,000 a wata ribarsa za ta ɗauka ko bayan an fitar da kason masu inji, balle in an yarda a takarda cewa bashin ƙungiya ake fara cirewa. Duk cinikin kuma ya bi ta asusun sana'ar, har na jarka ɗaya. In kaka ta biyu ta zagayo yana da shige da fice na wata 12 da injin da zai iya jinginarwa, a lokacin ne rancen banki na wata huɗu ko shida don cika sito a Nuwamba a sayar kafin damina yake da ma'ana, domin ya san buhu nawa injinsa yake ci a mako, kuma ya san wa zai sayi man.